Rabin Amsar Malam Rabo

Duk wanda ya yi firamare a Barkiya cikin shekaru talatin ɗin nan, ko bai tuna sunan hedimasta ba, ya tuna Malam Rabo. Gajere ne, baƙi, mai furfura a gefen kunne, da wata hula zanna da ta ga jiya ta ga yau. Aji uku shi ne gidansa. An sha kai shi aji shida don a girmama shi, ya ce a'a, a bar shi inda yaro ke fara riƙe biro, don a nan ake gyara hannu, a nan kuma ake ɓata shi.

A Kurfi yake zaune da matarsa Kulu, yana da gona mai ba shi geron shekara in damina ta yi kyau, da tumaki huɗu, da rediyo. Kai, rediyon nan! Da za a ce ya zaɓi tsakaninta da tuwon dare, ni dai ban san wanda zai bari ba. Ta dalilinta ya san duniya kamar tafin hannunsa. Da yamma a bakin shagon Ɗanmusa tela, in gardama ta tashi kan wata ƙasa, sai a ce a jira Malam Rabo. In ya zo kuwa ba ya fara magana daga tsakiya. Sai ya gyara zama, ya ɗauko ta tun daga tushe, ya bi ta reshe-reshe, har Ɗanmusa ya gama kalmasa riga biyu bai iso kan tambayar ba. Mutane na son hakan. A wurinmu ai wanda ya amsa maka da kalma biyu, ko dai fushi yake da kai ko bai ɗauke ka bakin komai ba.

Abu ɗaya ya rasa, takarda. Da shaidar malanta ta da ya shiga aiki, wadda ake ce wa Gired Tu. Lokacin da tsaransa suka tafi ƙaro karatu, mahaifinsa na kwance, shekara shida yana jinya. Da tsohon ya rasu sai ga ƙanne a wuyansa. Bana, baɗi, bana, baɗi, har gemu ya yi fari. Sai wata rana takarda ta fito daga ofishin ilimi: duk malamin da bai kawo shaidar NCE ba zuwa ƙarshen wa'adin da aka ɗiba, ya ajiye alli. Ba a faɗi inda za a kai shi ba, an dai faɗi inda ba zai ƙara tsayawa ba, wato gaban allo.

Shi ya sa Malam Rabo, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya koma ɗalibi. Kowace Juma'a da Asabar, da duk hutun makaranta, yana kwaleji a Dutsin-Ma, zaune kan benci tare da yaran da ya isa ya haifa, har ya yi jika da su. Suna ce masa Baba, suna ba shi wurin gaba. Gemu ba ya hana ilimi, haka ya riƙa faɗa wa kansa, ya kuma yi ƙoƙari ba laifi. Kwas bayan kwas yana tsallakewa, wani da ƙyar, wani da sauƙi. Guda ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro, shi ne na tsarin gwamnatoci. Abin haushin, shi ne wanda ya ɗauka zai ci ko yana barci.

Jarrabawar ba dogon sharhi ba ce. Gajerun tambayoyi ne goma, kowace maki shida, sa'a ɗaya cif, kusan duka a kan kwatanta tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da tsarin firaminista. Layi biyu zuwa uku ake so a kowace. Malam Rabo da ya ga tambaya ta farko sai ya yi murmushi, ya gyara zama kamar yana shagon Ɗanmusa. Ya faro daga zuwan Turawa, ya biyo ta samun 'yancin kai, ya bayyana yadda muka fara da tsarin firaminista har zuwa 1966, muka koma na shugaban ƙasa a 1979. Duk gaskiya ne, ba wanda ya tambaye shi. Yana kan tambaya ta huɗu aka ce a ajiye biro.

Ta huɗun ma, wayyo! An tambaya da Turanci wane ne "Head of State" a ƙasa mai tsarin firaminista irin Birtaniya. To, duk wanda ya girma a ƙasar nan zamanin su Malam Rabo ya san wannan suna na soja ne. In an ce haka, mai kaki ake nufi, wanda ya zo da kiɗan badujala a rediyo da sassafe. Farar hula kuwa shi ne Firasidan. Sai Malam Rabo ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa cewa Birtaniya ba ta da irin wannan, don soja ba ne ke mulki a can. Ya faɗi warwas, aka ce ya dawo baɗi, wato a shekarar da wa'adi zai cika.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama, ya shiga aji ya zauna a wurinsa na gaba. Sabon lakcara ya shigo, dogon saurayi mai tabarau, ya ajiye littattafansa, ya ɗaga kai. Sai aka ga ya daskare. Ya sauko daga dandamali, a gaban ɗalibai sama da ɗari, ya rusuna har ƙasa.

"Malam, ina kwana? Mutawakkil ne. Na gidan Sarkin Fawa, aji uku, Barkiya."

Malam Rabo ya dube shi da kyau. Lallai shi ne, yaron nan mai rubutu kamar kaza ta bi ta kan allo, wanda ya sha tsarewa bayan an tashi har sai da hannunsa ya miƙe. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kuma ji kunyar da bai taɓa ji ba, su biyun a lokaci guda. Ya ce, "Tashi, tashi, Malam. Yau kai ke da alli."

Mutawakkil ya nemo tsohuwar takardar Malam Rabo ya karanta, ya kira shi ofis. Ya ba shi kujera, shi ya ƙi zama, sai da tsohon ya rantse zai fita. Sannan ya fara, yana sosa ƙeya.

"Malam, ba rashin sani ba ne. Ka fi duk ajin nan sanin abin. Harshenmu ne ya yi maka tarko. Mu komai shugaba muke cewa, su kuwa kujeru biyu suke nufi. Akwai uban ƙasa, wanda shi ne alamar ƙasar, shi ke karɓar jakadu. Akwai shugaban gwamnati, mai gudanar da aiki. A Birtaniya na farkon sarki ne ko sarauniya, na biyun firaminista. A tsarinmu na yanzu mutum ɗaya ke zaune kan duka biyun. Ba ruwan sunan da soja."

"Af! To wanda muka yi a sittin da uku fa? Ai Firasidan aka ce masa, ga kuma firaminista."

"Uban ƙasa ne kawai, Malam. Iko na hannun firaminista. Sunan ba ya sauya tsarin."

"Maƙwabtanmu na Maraɗi fa? Na sha jin suna da shugaban ƙasa mai iko sosai, ga kuma firaminista a ƙarƙashinsa."

Mutawakkil ya yi dariya, ya haɗa hannu biyu. "Wancan gauraye ne, tsari na uku. Don Allah Malam, ranar jarrabawa ka bar Maraɗi a Maraɗi."

Sai ya nuna masa ainihin yadda ake ba da maki. Tambayar kwatanci ƙafa biyu gare ta. In ka ce a tsarin shugaban ƙasa jama'ar ƙasa duka ke zaɓen shugaba, ba ka ce komai ba tukuna. Sai ka sa 'yar kalmar nan "while", wato alhali kuwa, ka ce a ɗaya tsarin mazaɓa ɗaya ce ta zaɓe shi ɗan majalisa, ya zama firaminista don shi ke jagorancin masu rinjaye. In ka kawo ɓangare ɗaya ka bar ɗaya, a ƙa'idar kwas ɗin ba ka kwatanta ba, sifili ne, ko da abin da ka faɗa gaskiya ne.

"Ko rabin maki babu?" in ji Malam Rabo.

"Babu, Malam. Takalmi ƙafa ɗaya ne."

Wata bakwai Malam Rabo yana yaƙi da bakinsa. Bayan la'asar sai ya zauna a zaure da agogo a gabansa, ya ba kansa minti shida kan kowace tambaya. Ministoci: a nan shugaba ke ɗauko su daga waje, ɗan majalisar da aka naɗa sai ya bar kujerarsa, alhali a can dole su kasance 'yan majalisa. Wa'adi: a nan shekarun a ƙayyade suke, alhali a can ana iya rushe majalisa a koma zaɓe kafin lokaci. Alhaki: a nan kowane minista ga shugaba yake amsawa, alhali a can duk majalisar ministoci tare suke amsawa a gaban majalisar dokoki, tare suke faɗuwa. Ya haddace su kamar karatun allo. Amma da ya ɗora biro sai ya ji amsar ta yi tsirara, hannunsa ya fara ƙara mata riga da wando. Minti shida ya zama goma.

Abin har ya shiga gida. Kulu ta tambaye shi ko tuwon dawa yake so ko na gero, ya ce na dawa yana riƙe ciki alhali na gero... Ta ce, "Malam, ni ba jarrabawa nake ba ka ba, ruwa na kan wuta."

Kulu ba ta yi boko ba, amma ta san inda duniya ta dosa. Ita ta fara faɗin abin da kowa ke rayawa.

"Yaron nan ba kai ka koya mashi riƙon alƙalami ba? Ka buɗe baki mana. Kalma ɗaya za ka faɗa, ya san abin yi."

"In ce mashi mi?"

"Ka ce mashi abin da kowa ke cewa! Mutanen da ba su kai ka sani ba sun wuce, kai kana nan kana alhali, alhali. In suka raba ka da aji, zaman mi za ka yi? Ni na san ka. Ko hutun makaranta ya yi tsawo sai ka fara faɗa da tumaki."

Gaskiyarta. Bai iya komai ba sai aji uku, kuma tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. In ya roƙi Mutawakkil, ina zai kai idonsa? Shekara talatin yana gaya wa yara cewa mai satar amsa ɓarawo ne ko da bai taɓa akuyar kowa ba. In ya ƙi roƙo, ga wa'adi na matsowa kullum. Gaba kura, baya sayaki. Shi ma Mutawakkil sannu a hankali ya fara kauce wa haɗa ido da shi a aji, sai ya riƙa kallon bayan ɗaki in yana bayani.

Ranar jarrabawa Asabar ce, ƙarshen damina, ana zafi mai danƙo. Malam Rabo ya yi bisimilla ya buɗe takarda. Ya san duka goman. Ta farko ya yi ta layi uku, ya ji kamar ya yi wa kansa guɗa. Ta biyu ma haka. A ta uku, kan rabon iko tsakanin majalisa da masu zartarwa, tsohon hali ya motsa, ya cika rabin shafi kafin ya farga. Sai ya firgita, ya shiga sauri, saurin ya sa a tambayoyi biyar da suka biyo baya ya zuba ɓangare ɗaya ya wuce bai waiwaya ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan takarda.

Ta tara ta ce: ta yaya ake cire shugaban gwamnati kafin lokacinsa a kowane tsari? Ya rubuta cewa a tsarin shugaban ƙasa sai majalisa ta tsige shi, bisa babban laifi, ta bin matakan da tsarin mulki ya shimfiɗa. Ya sa waƙafi. Ya rubuta "while".

"A ajiye biro!" in ji mai tsaron jarrabawa.

Ko'ina a ɗakin hannuwa na ci gaba da gudu, wasu har da kwantar da kai kan takarda, mai tsaron kuwa ya faro karɓa daga can baya. Malam Rabo na gaba. Yana da minti biyu cur in ya so, abin da ya rage masa kuwa bai kai layi ɗaya ba. Amma kunnensa ya ji an ce a ajiye, hannunsa ya ajiye tun kafin zuciyarsa ta yi shawara. Shi ne fa mai cewa yara su ɗaga biro sama ya gani. Ya zauna yana kallon kalmar nan ita kaɗai a ƙarshen layi har aka zo aka zare takardar.

Kwana tara bayan nan, da la'asar sakaliya, mota ta tsaya a ƙofar gidansa a Kurfi. Mutawakkil ne, da jaka a hammata. Ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga zaure ya durƙusa, ya ƙi hawa tabarma. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona, aka sake tambayar iyali. Kulu ta aiko da fura, ta dawo ta laɓe a bayan ƙofar cikin gida, kowa ya san tana nan.

Da gaisuwa ta ƙare ba sauran abin fakewa, Mutawakkil ya buɗe jaka ya fito da takardar. Bai kamata ta baro kwaleji ba, su duka sun san haka.

"Malam, aikin aji ka samu goma sha takwas. Jarrabawa ma goma sha takwas. Talatin da shida ke nan. Arba'in ake nema. Jibi nake miƙa sakamako. Na juya takardar nan ta kowace fuska, ban ga inda zan tsinto huɗu ba."

Malam Rabo ya gyaɗa kai.

"Malam, a tsarin firaminista, ta yaya ake cire shi?"

"Ƙuri'ar yanke ƙauna. In mafi rinjayen majalisa suka kaɗa ta, shi da ministocinsa su sauka, ko a koma zaɓe. Ba sai ya yi laifi ba."

"Ka gani? Ka sani! Wallahi ka sani, Malam!" Mutawakkil ya buɗe shafin tambaya ta tara ya shimfiɗa kan tabarma, ya zaro shuɗin biro daga aljihu ya ɗora a kai. "Bari in shiga in gaida Inna."

Ya tashi ya shige cikin gida wurin Kulu, ya bar tsohon da takarda da biro.

Malam Rabo ya ɗauki biron. Kada wani ya ce maka bai ɗauka ba, ya ɗauka, har ya cire marfin. Maki shida, arba'in da biyu. Ba satar amsa ba ce, nasa ne, a kansa yake. Ya tuna ajinsa, yara sittin da ɗaya, da guda bakwai da har yanzu ke rubuta baƙi a juye, waɗanda ya yi niyyar gyarawa kafin sanyi. Ya ɗora bakin biron daidai bayan kalmar. Sai ya ga jan rubutun Mutawakkil a gefen shafi, miƙaƙƙe, tsaf-tsaf, ga sa hannunsa a ƙasa. In abin ya fito, wannan sa hannun za a fara tuhuma. In bai fito ba, yaron zai san abin da ya yi, zai kuma san wanda ya yi shi dominsa. Ya daɗe a haka, har tsintsiyar hannunsa ta fara ciwo.

Da Mutawakkil ya dawo, biron na ajiye a gefe da marfinsa. Ya duba shafin, ya sake dubawa.

"Malam..."

"An ce a ajiye biro tun waccan Asabar, Mutawakkil. Rubuta abin da na samu."

"Malam, aikinka ne fa. Ba wata shekarar."

"Na sani. Rubuta a nan, in gani."

Mutawakkil ya fito da jan biro. Hawaye na bin gefen tabarau, ya rubuta talatin da shida a takardar sakamako. Malam Rabo ya leƙa ya tabbatar, ya ce Allah ya yi albarka. Ya sa shi ya shanye furar, ya raka shi har mota, ya ce a gaida mutanen gida, ya tsaya yana ɗaga hannu kamar wanda aka kawo wa goron biki.

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ya sauke hannu. Ya koma zaure, ya zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba. Kulu ta fito. Ya jira faɗa, ya ma so ta yi, ko ya samu abin mayarwa. Ba ta yi ba. Ta ɗauke ƙwaryar furar, ta tsaya da ita a hannu tana dubansa.

"To Malam, in an koma makaranta, ina za ka?"

Ya buɗe baki zai ɗauko maganar daga tushe, bai samu tushen ba.

"Ban sani ba, Kulu," ya ce.